Taura Biyu a Baki Ɗaya: Lissafin Ɗalibi Mai Karatu da Neman Na Kansa

A wannan makon ina so mu tattauna a kan yaranmu da ke jami'a, musamman 'ya'yan manoma da ƙananan 'yan kasuwa irin na Aujara da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jahun, waɗanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci da na haya sun fi ƙarfin abin da uba ke iya aikowa daga gida. Ko ɗalibin da ya dace da bashin NELFUND, naira dubu 20 da ake ba shi a wata ba ta kai shi ƙarshen watan. Saboda haka da yawansu sun kama 'yan ƙananan ayyuka: wannan yana buga wa mutane takardu a kwamfuta, wancan yana zana katin biki da wayarsa, wata tana koyar da yara darasin yamma, wata kuma tana ɗinki a ɗakin kwana.

Ni dai ban ga aibin wannan ba, domin wanda ya ce wa mai jin yunwa ya zauna ya yi karatu kawai bai san yunwa ba. Abin da nake jayayya da shi shi ne karɓar aiki ba tare da lissafi ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma wanda dole ta sa ya ɗauki biyun, sai ya san wacce zai fara sa wa haƙori da wacce zai riƙe a hannu. Lissafin nan kuwa ba mai wuya ba ne, kuma da sa'o'i ake fara shi kafin a zo kan kuɗi.

Bari mu ƙaddara wani ɗalibi ɗan Aujara da ke aji biyu a Dutse, wanda ya yi rajistar yunit 20 a zangon karatu. Wannan matsakaicin kaya ne, tunda ƙa'idar da jami'o'inmu suka saba bi ita ce daga yunit 15 zuwa 24. Yunit ɗaya yana nufin lakca ta awa ɗaya a kowane mako, amma idan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne yakan ci awa uku. Don haka mu ba shi awa 24 a aji. Mako guda awa 168 ne. Barcin awa bakwai a kowane dare ya ɗauke 49. Salla da girki da cin abinci da wanki da zirga-zirga, in an yi musu awa biyar a rana, sun ɗauke 35. Bitar karatu kuma, a ganina, ba ta yiwuwa da ƙasa da awa ɗaya da rabi ga kowane yunit, wato awa 30. Idan aka haɗa duka an sami 138, saura 30 ke nan.

Wannan talatin ɗin ma ba duka ne nasa ba. A ciki zai huta, ya je gaisuwar rasuwa, ya bi layin ofishin sashe, wani makon ya leƙa gida. Idan aka cire wa waɗannan awa 18, abin da ya rage na sayarwa bai wuce awa 12 a mako ba. Duk aikin da ya haura wannan, daga wani wuri ake yanko lokacinsa, kuma wuri biyu ne kaɗai suke da taushin yanka: barci da bita. Shi ya sa ɗalibi ba ya ganin ɓarnar a ranar da ya yi ta, sai an kafe sakamako.

To, nawa ne farashin wannan ɓarna? A tsarin maki biyar, wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A mai maki 5, wanda ya ci 60 zuwa 69 ya sami B mai maki 4, mai 50 zuwa 59 ya sami C mai maki 3, wanda ya gaza 40 kuwa ya sami F, ba shi da ko ɗaya. Ana ninka makin kowane kwas da yawan yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit. Idan ɗalibinmu ya ci B a dukkan kwasa-kwasansa, ya tara 80, a raba da 20, ya tashi da 4.00. Amma idan ya faɗi kwas ɗaya tak mai yunit uku, abin da ya tara ya koma 68, sakamakonsa ya zama 3.40. Iyakar babban mataki na biyu ita ce 3.50, don haka kwas ɗaya ya isa ya jefa shi ƙarƙashinta a wannan zango. Sannan kwas ɗin zai biyo shi baɗi a matsayin kari-oba, ya hau kan kayan sabuwar shekara, wani lokaci ma lakcarsa ta ci karo da ta sabon aji.

Abin da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi shi ne yadda matsakaicin maki na jimilla, wanda ake rubutawa CGPA a takardar sakamako, yake ƙara nauyi kowace shekara. Mu ɗauka digirin nasa na shekara huɗu ne mai yunit 160. Idan ya gama aji biyu da 3.30, ya tara maki 264 a yunit 80. Kafin ya fita da 3.50 sai ya tara 560, wato yana bukatar 3.70 a shekara biyun da suka rage, kuma wannan mai yiwuwa ne. Amma idan ya kai ƙarshen aji uku yana nan a 3.30, sai ya ci 4.10 a shekarar ƙarshe, shekarar da furojet ke wuyansa. Saboda haka maganar da ake yi cewa a nemi kuɗi yanzu a gyara sakamako daga baya, lissafi bai goyi bayanta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu mu juya ga aikin kansa. A ce an ba shi zanen katin ɗaurin aure a kan naira 3,000, shi kuma a ransa aikin awa ɗaya ne. Ya zana ya tura. Uwar amarya ta ce a sauya launi, ƙanin ango ya ce an manta sunan kawunsu, sannan aka ɗage ranar ɗaurin auren. Ga wayar ta mutu, sai ya kai ta wurin mai caji ya zauna jira. Kafin a ce madalla aikin ya ci awa huɗu, wato naira 750 a kowace awa, ba a cire kuɗin data da na caji ba. Ko wannan ma sai in an biya, domin aikin ɗan garinku sau da yawa da "Allah Ya yi albarka" ake sallamarsa. Maganin wannan a faɗe shi tun kafin a fara: rabin kuɗi a hannu, gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗinsa, kuma ranar bayarwa ɗalibi ne zai sa ta bayan ya duba jadawalinsa.

Daga nan za a gane cewa ayyukan ba ɗaya suke ba. Wanda ya fi dacewa da ɗalibi shi ne mai ƙayyadadden lokaci, kamar darasin yamma na awa biyu sau uku a mako, ko wanda za a iya ajiyewa a ci gaba gobe, kamar ɗinkin hula. Wanda ya fi haɗari shi ne mai ɗaure mutum wuri ɗaya da rana, kamar tsaron shago ko zaman na'urar cire kuɗi. Dalili kuwa, ƙa'idar jami'o'inmu ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin ya cancanci zama jarrabawa. Kwas mai yunit uku yana da awa 45 a mako 15, don haka abin da aka yafe masa bai wuce awa 11 ba. Idan aikinsa ya ci karo da lakca mai awa biyu, fashi shida sun fitar da shi daga layi.

Akwai kuma tarkon lokaci. Kasuwar buga furojet tana budewa ne a ƙarshen shekarar karatu, daidai lokacin da mai bugun ke fuskantar tasa jarrabawar. Kuɗin ya fi yawa a makon da awa ɗaya ta fi tsada. Shawarata ita ce a raba zango gida uku. Makonni biyar na farko a yi aiki har awa 12 ɗin nan, a yi ɗan tanadi. Tsakiyar zango, lokacin da tes da aikin gida suke yawa, a rage zuwa rabi, domin makin da ake tarawa kafin jarrabawa yakan kai 30 ko 40 cikin ɗari, kuma wanda ya zubar da shi ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Mako uku kafin jarrabawa kuwa a rufe shago ɗungurungum, a sanar da abokan hulɗa tun da wuri. Wanda ya ga ya yi fashin lakcar safe sau biyu a mako ɗaya, ko ya koma kwafar littafin aboki bai san abin da yake kwafa ba, ko ya ci ƙasa da rabi a tes, to ya sani aikin ya fara cin jarin.

Aiki ɗaya ne nake cewa kada a kusance shi ko nawa za a biya: rubuta wa wani furojet ko aikin gida. Buga abin da mutum ya rubuta da hannunsa sana'a ce. Rubuta masa abin da zai sa sunansa a kai maguɗi ne, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ga kora, ga mai saye da mai sayarwa baki ɗaya. Garin neman gira kada a rasa ido.

Iyaye ma suna da nasu rabon a wannan magana. Da zarar an ji yaro ya fara samun 'yan kuɗi, sai a janye ɗan abin da ake aika masa, har a fara turo masa bukatun ƙanne. Uban da ke Aujara wanda ba shi da kuɗin aikawa, idan ya ware wa ɗansa 'yan tiyoyin gero da wake lokacin kaka, ya saya masa makonnin jarrabawa ke nan. Kuma duk ƙarshen zango, kafin a tambaye shi nawa ya samu, a ce ya kawo takardar sakamako a gani.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.