Janye izinin cirar kuɗi daga asusu

Malam Edita,

Ina faɗakar da 'yan'uwana na Birnin Gwari cewa duk wanda ya ba kamfanin bashi izinin cirar kuɗi daga asusunsa kowane wata, goge manhajar kamfanin daga wayarsa ba zai warware wannan izini ba, domin yana ajiye a wajen banki. Ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ta halatta masa sokewa, muddin ya rubuta wa bankinsa, ya sanar da kamfanin. Ya kuma adana shaida. In da kati aka ƙulla, a toshe katin. Sai dai bashin yana nan a wuyansa.

Ina roƙon bankuna su karɓi sokewa ta waya, saboda hanyar zuwa banki a Kaduna ta daji take bi.

Naku,
Mai karatu, Birnin Gwari