Ra'ayi: Buƙatar da aka binne a sakin layi na biyar

A ofisoshin ƙasar nan akwai wani irin saƙon imel da kowa ya sani. A gurbin take, wanda allon salula ke nunawa da sunan `Objet`, an rubuta “Rahoto” ko “Barka da yamma”. Cikin saƙon kuma gaisuwa ce ta layi shida, sai tarihin matsala tun daga farkonta, sai godiya, can ƙasa kuma sai abin da ake so a yi. Mai rubutawa yana ganin ya yi ladabi. Mai karantawa kuwa sau da yawa ba ya kaiwa can ƙasan.

A ɗauki misalin majo na wata cibiyar lafiya ta karkara, irin waɗanda ake kira CSI, a jahar Maraɗi. Ranar Litinin firigon alluran rigakafi mai aiki da hasken rana ya fara ɗumi. Ƙa'ida ita ce a ajiye alluran tsakanin digiri 2 da 8, amma ma'auni ya nuna 11 da safe, 14 da yamma. Majo ya yi abin da ya kamata, ya kwashe alluran zuwa akwatin sanyi da ƙanƙarar da ta rage, wadda a lissafinsa ba za ta wuce safiyar Alhamis ba. Da dare, da rezo ya dawo, ya rubuta wa babban likitan gunduma.

Taken saƙon shi ne “Rahoton halin da ake ciki”. Ya gaida likita, ya tambayi iyali da gajiyar aiki. Ya tuna masa ziyarar da aka kawo musu bara. Ya yi bayanin rufin ɗakin haihuwa da ke yoyo, da man babur da bai iso ba, da yadda batir ɗin firigon ya soma ba da wahala tun lokacin zafi. A sakin layi na biyar ne ya ce alluran suna cikin akwati, kuma “da za a samu hali a duba lamarin, da an ji daɗi”.

Likitan ya ga saƙon ranar Talata tsakanin taro biyu. Abin da allon ya nuna masa shi ne take da ƴan kalmomin farko, wato “Rahoto” da gaisuwa. Ya bar shi sai Juma'a, ranar da yake duba rahotanni. Babu ƙarya ko ɗaya a saƙon majo, babu kuma abin da ya ɓoye. Jerin ne kawai ya kashe shi: ya rubuta abubuwa yadda suka faru, ba yadda mai yanke shawara ke buƙatar jin su ba.

Gyaran ba daga take yake farawa ba, ko da yake take ne ke zama a sama. Kafin a taɓa komai, mai rubutu ya amsa tambaya guda: wa zai yi me, kafin yaushe? In amsar ba ta fito a jimla ɗaya ba, to shi kansa bai gama shawara ba tukuna. A saƙon majo, “a duba lamarin” ba buƙata ba ce, domin likita ba zai san ko mota ake so, ko mai gyara, ko kuɗi ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne a ɗauke alluran zuwa firigo mai aiki, kuma da yake ƙanƙara za ta ƙare safiyar Alhamis, wa'adin da ya dace a rubuta shi ne Laraba da rana, don a bar sarari ga lalacewar hanya.

Daga wannan jimla ake yanko take: “Firigon rigakafi ya lalace: a aiko mota kafin Laraba 12:00”, sai sunan garin a ƙarshe. Kalmomin da suka fi nauyi su zo a farko, saboda salula na datse dogon take. Saƙon kuma ya buɗe haka:

“Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina roƙon a aiko mota ta ɗauki alluran rigakafinmu zuwa firigon gunduma kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba. Firigonmu ya daina sanyi tun Litinin, alluran suna cikin akwatin sanyi, kuma ƙanƙarar ba za ta wuce safiyar Alhamis ba.”

Bayan nan ne hujjoji ke zuwa, kuma su ma da jerinsu. Na farko abin da likita zai nema kafin ya ce a tashi direba: ma'aunin da aka gani, yawan kwalaben da irinsu, da cewa alamar zafin da ke jikinsu ba ta yi duhu ba tukuna, wato har yanzu akwai abin cetowa. Sai abin da aka riga aka gwada, don kada a aiko da shawarar a goge faifan hasken rana alhali an goge. Tarihin batir, da buƙatar mai gyara, su zo daga ƙarshe. Rufin da ke yoyo da man babur kuwa su fita gaba ɗaya, kowane ya samu nasa saƙon da nasa take. In aka cusa buƙata uku a saƙo ɗaya, mai amsawa yakan zaɓi mafi sauƙi ya amsa, ya ɗauka ya gama.

Wannan tsari ba baƙo ba ne. Ƴan jarida da shi suke rubuta labari, muhimmi a sama, cikon bayani a ƙasa, kuma sojojin Amurka sun mayar da shi ƙa'idar wasiƙunsu.

Masu suka suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. A ƙasar Hausa ba a shiga wajen babba a fara da buƙata, kuma salon wasiƙar gwamnati da aka gada daga Faransanci ya ƙara wa mutane tsoron gajarta zance. Ƙaramin ma'aikaci na fargabar a ce masa marar kunya. Amma gaisuwar zaure tana da tsawo ne don wanda ake gaisarwa yana zaune, kuma ba zai tashi ba sai an kai ga maganar. Mai karanta imel yana iya tashi a layi na biyu. A saƙon da aka gyara, “ranka ya daɗe” na nan, “ina roƙo” na nan. Abin da aka cire shi ne jiran da ake sa babban ya yi. Wanda ya sa likita ya gano ranar Juma'a cewa alluran gari guda sun lalace ranar Alhamis bai girmama shi ba.

Tsarin yana da iyaka. Labarin rasuwa, ko kora daga aiki, ko saɓani da abokin aiki, ba a jefa su a take. Waɗannan na baki ne ko na waya. Shi ma majo, a lamari irin nasa, ya kamata ya bi saƙon da kira, imel ɗin ya zama shaida a rubuce. Akwai kuma masu zaton kalmar “gaggawa” da manyan baƙaƙe ta wadatar. Wanda ya rubuta ta a kan man babur, ranar firigo ba za a saurare shi ba. Rana da ƙarfe sun fi ta aiki. Haka nan masu danna amsa a kan tsohon saƙo, sabuwar matsala ta tafi ƙarƙashin `Re:` na zancen watan jiya: sabuwar magana tana son sabon take.

Gwajin ƙarshe ba ya cin minti ɗaya. Kafin a aika, a rufe komai da hannu ban da take da layi biyu na farko, a miƙa wa wani abokin aiki salular, a tambaye shi me ake so likita ya yi, kuma yaushe. In ya ce “mota, kafin Laraba da rana”, a aika. In ya ce bari ya karanta sauran, a koma a ɗauko jimlar da ke sakin layi na biyar a kai ta sama.