Imel Ɗin Neman Aiki a Waje Ba Takardar Roƙo Ba Ce

Duk wanda ya yi darasin rubuta wasiƙa a sakandare ya san yadda ake fara takardar neman aiki: a jera adireshi biyu, a rubuta "Dear Sir/Ma", sannan a shiga roƙo da ƙanƙan da kai, a rufe da alkawarin yin biyayya idan an taimaka. A ma'aikatunmu na gida wataƙila wannan ya wuce. Amma ni a ganina, wanda ya gama HND ya kwashi wannan salo ya tura wa kamfani a ƙasar waje, ya yi asarar datarsa ne kawai. Mai ɗaukar aiki a can ba taimako ya fito yi ba. Aiki ne da shi a ƙasa, yana neman wanda zai iya, kuma imel ɗinka ɗaya ne cikin tulin da ke gabansa.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata 'yar'uwarmu ta gama HND a fannin lantarki, ta kammala bautar ƙasa, sai ta ga wani kamfani a Birtaniya yana neman ƙaramin ma'aikacin tsara wutar sola. Me ya kamata ya gani in ya buɗe saƙonta?

Tun kafin ya buɗe ma, abu biyu zai fara gani: adireshin imel da kan saƙo. Adireshin ya zama sunanta na gaskiya, ba laƙabin da ƙawaye suka sa mata a hostal ba. Kan saƙon kuma ya faɗi sunan aikin kamar yadda yake a tallar, da lambar tallar in akwai, da sunanta:

```
Application: Junior Solar Design Technician (Ref 214) - Sunanki
```

Saƙon da aka bar kansa fayau, ko aka rubuta "Please help" da manyan baƙaƙe, kama yake yi da na 'yan damfara. Mu daina yaudarar kanmu, imel daga Najeriya yana isa ne da wannan zargin a wuyansa tun kafin a karanta. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake, kuma tsabtar saƙo ce ke fara wanke shi.

Gaisuwa layi ɗaya ta isa. In tallar ta ambaci sunan wanda za a rubuta wa, a kira shi da sunansa. In babu, "Dear Hiring Manager" ya wadatar. Wannan "Ma" ɗin Turancinmu ne na gida, Bature bai san ta a wasiƙar aiki ba. Babu tambayar iyali, babu ya aiki ya gajiya. Jimlar farko ta faɗi aikin da ake nema da inda aka ga tallar, shi ke nan.

Sai wurin da mu 'yan poli muka fi cutuwa, wato takardar shaidarmu. A Birtaniya ma akwai HND, amma nasu kwas ne na shekara biyu. Namu kuwa shekara biyu ta ND, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a masana'anta, sannan wata shekara biyu ta HND. In 'yar'uwar nan ta rubuta HND kawai ta wuce, mai karatu zai auna ta da ma'aunin ƙasarsa, ya zaftare mata shekara uku ba tare da ya sani ba. Don haka ta kashe jimla ɗaya ta ce karatun shekara huɗu ne a aji da shekara ɗaya a bakin aiki, a makarantar da hukumar NBTE ta amince da kwas ɗinta. Haka sakamako: "Upper Credit" ba ya gaya masa komai, amma 3.3 cikin 4.0 kowa zai gane. Haka NYSC: ta ce aikin shekara ɗaya ne da ƙasa ta wajabta wa waɗanda suka gama karatu, ta faɗi abin da ta yi a ciki. Kada dai ta yanke wa kanta hukunci ta ce takardarta daidai take da digiri. Akwai hukumar da ke wannan awon a can, UK ENIC, in sun buƙata za su ce ta kawo.

Tsakiyar saƙon hujja ce, ba jerin kyawawan halaye ba. Kowa yana rubuta cewa shi mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai haƙuri, don haka kalmomin sun daina nauyi. Tallar ta ce ana son wanda ya iya lissafin girman sola? To ta ce: a shekarar bautar ƙasa, ita da mutum biyu sun haɗa wa wani ƙaramin asibiti sola, faranti takwas masu wat 400 da inbata mai 5 kVA, ita ce ta yi lissafin wutar da firjin rigakafi da fitilu ke ci, ta zana yadda wayoyin za su bi da AutoCAD. Jimla biyu ke nan, amma sun fi shafi guda na yabo. Sharaɗin kawai shi ne ta faɗi iya nata rabon. Wanda ya ɗauki aikin rukuni ya ce shi kaɗai ya yi, tambaya biyu a intabiyu za su tona shi.

Na san abin da wasu za su ce: ai yabon kai jahilci ne, tarbiyyarmu ba ta yarda mutum ya buga ƙirji ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a zubar da kunya ba. Amma cewa "na fi kowa" daban, cewa "na haɗa faranti takwas" daban. Na farko fariya ne, na biyu rahoto ne. A gida, kawunka ko lakcaranka zai iya yi maka shaida. A can babu wanda ya san gidanku, in ba ki faɗi abin da hannunki ya yi ba, wa zai faɗa?

Akwai kuma maganar da mutane ke ɓoyewa don tsoro: inda kake zaune da izinin aiki. Ni ina ganin faɗa tun farko ya fi. Ta ce tana Najeriya, kuma in aikin na zuwa can ne, za ta buƙaci kamfanin ya tsaya mata a biza. A Birtaniya sai kamfani mai lasisin hakan ne zai iya, kuma gwamnatinsu ta wallafa jerin sunayensu a gov.uk, duba shi kafin rubutu ya fi jiran amsar da ba za ta zo ba. In aikin daga gida ne, ta faɗi lokacinmu, UTC+1: da bazararsu agogonmu ɗaya da Landan, da hunturu muna gabansu da awa ɗaya. Lambar waya ta fara da +234, a cire sifirin farko.

Abin da za a liƙa shi ne abin da aka tambaya kawai, galibi CV, a tsarin PDF, da suna mai ma'ana irin `Sunanki_CV.pdf`. Ba a tura hoton takardar haihuwa, da ta ƙaramar hukuma, da shaidar firamare. Jiha, addini, aure da ranar haihuwa ma ba su da gurbi a CV mai zuwa Birtaniya. Fasfo kuwa a riƙe shi tukuna. Duk kamfanin da ya amsa da cewa an ɗauke ka babu intabiyu, amma ka turo kuɗin biza ko na fom, wallahi ba aiki ba ne, tarko ne.

Gaba ɗaya saƙon bai kamata ya wuce kalma ɗari biyu ba, yadda za a karance shi a waya ba tare da dogon ja ba. Kafin turawa, ka fara aika wa kanka, ka buɗe abin da ka liƙa, ka tabbatar sunan kamfanin da ke ciki ba na wanda ka rubuta wa jiya ba ne. In kwana goma sun wuce shiru, tuni ɗaya mai ladabi ya isa, sai ka koma kan talla ta gaba.