Bashin banki: Ba ranar da aka kasa biya ake rasa gida ba

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Babbar Kasuwar Sakkwato ya karɓi rancen naira miliyan 10, ya jinginar da gidansa na Mabera. Ciniki ya tsaya, bashin ya kai miliyan 13 da kuɗin ruwa. Da yawa za su ce gidan ya riga ya zama na banki. Ba haka doka ta ce ba.

Abin dubawa na farko shi ne irin jinginar. Idan takardar shaidar mallaka kawai ya ajiye wa banki, to sai bankin ya nemo umarnin kotu kafin ya sayar. Idan kuwa an rattaba hannu kan cikakkiyar yarjejeniyar jingina, da amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na dokar filaye ta 1978 ya tanada, banki na iya sayarwa ba tare da zuwa kotu ba.

Ko a nan ma akwai sharaɗi. Tsohuwar dokar 1881 da jihohin Arewa suka gada ta ce sai wa'adin biya ya cika, sannan ɗaya cikin uku ya faru: an ba shi rubutacciyar sanarwa ya yi wata 3 bai biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata 2 a kansa, ko ya saɓa wani sharaɗin yarjejeniyar. Matsalar ita ce dokar ta yarda a rage wannan wa'adi a cikin yarjejeniya, kuma bankuna kan yi hakan. Wanda ya sa hannu bai nuna wa lauya ba, ya zubar da kariyarsa tun ranar da ya karɓi kuɗin. Ya kamata a wajabta wa bankuna su karanta wa mutum wannan sashe da Hausa.

Idan aka sayar da gidan miliyan 20, hidimar sayarwa ta ci miliyan 1, banki ya ɗauki 13, sauran miliyan 6 haƙƙin mai gida ne, kuma yana da ikon neman lissafi. Banki ba zai sayar wa kansa ba. Amma araha kaɗai ba ta rushe ciniki, sai an nuna haɗin baki, ko farashin ya faɗi har ya nuna cuta.

Turo 'yan sanda kuma ba ya cikin tsarin. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai.

Babban kuskure shi ne ɓoye wasiƙar banki saboda kunyar iyali. Kafin a sayar, mai gida na iya biya ya fanshi abinsa, ko ya nemi Babbar Kotun jiha ta dakatar, kodayake kotu kan buƙaci ya ajiye kuɗin da ake bin sa. Da zarar gidan ya shiga hannun wanda ya saya da gaskiya, galibi diyya kawai zai iya nema.