Rashin Aikin Yi Iri Uku Ne, Kowanne Kuma Da Maganinsa

Duk wanda ya ratsa ƙauyen Karare ko sauran garuruwan ƙasar Batsari da Safana da hantsi zai tarar da majiya ƙarfi zaune a gindin bishiya, in kuwa ya tambaye su sana'arsu sai su ce babu aiki. Amsar ɗaya ce, amma dalilan da suka zaunar da su ba ɗaya ba ne. Masana tattalin arziki sun kasa rashin aikin yi kashi uku, kuma hanyar rarrabe su ita ce a yi tambaya guda: mene ne zai faru wannan mutum ya koma bakin aiki? Misalan mutum uku za su bayyana yadda abin yake.

Na farko, a ɗauki wani saurayi ɗan yankin wanda ya sami takardar shaidar malanta a Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. Ya yi shekara biyu yana koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta a Katsina, sa'an nan ya ajiye aikin don albashin bai ishe shi ba. Ya dawo gida ya yi wata huɗu yana rubuta takardun neman aiki, har wata makaranta ta kira shi. Wannan shi ne rashin aiki na tsakanin aiki da aiki. Gurbin yana nan, mai iya cika shi yana nan, abin da ya rage kawai su san da juna. Alamarsa ita ce gajarta, watau makonni ko 'yan watanni, kuma ana samun irinsa ko da arzikin ƙasa na bunƙasa. Ba a iya kawar da shi baki ɗaya, sai dai a rage tsawonsa ta hanyar yayata guraben aiki a fili da gaggauta ɗaukar ma'aikata. Shi ya sa lokacin da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina a watan Satumba na 2021, har da Batsari da Safana, irin wannan saurayi ya ƙara shiga wahala, gama kiran da yake jira ba shi da hanyar iso masa.

Na biyu, wani dattijo ne da ya yi shekara ashirin yana sarrafa injin saƙa a Kakuri. Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, babbar maƙwabciyarta kuma, watau masaƙar UNTL, ta tsayar da aiki a 2007. Ƙarancin wutar lantarki, da tsufan injuna, da atamfofin waje masu araha da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, su ne suka taru suka durƙusar da sana'ar. Dattijon ya dawo gida da gwanintar da babu mai sayenta. Wannan shi ne rashin aiki na sauyin tsarin tattalin arziki: aikin da mutum ya iya ba shi ake nema ba, wanda ake nema kuwa bai iya ba, ko kuma yana wani gari da ba zai iya zuwa ba. Ga shaidar da ke tabbatar da haka. Daga 2011 zuwa tsakiyar 2014 gangar ɗanyen mai ta yi ta kai dala 100 ko fiye, kuɗi sun shigo ƙasa, an yi ta gine-gine, amma duk da haka ba a kira tsofaffin ma'aikatan Masaƙar Kaduna su koma ba. Duk rashin aikin da wadata ta zo ta wuce ba ta taɓa shi ba, to, ba ƙarancin kuɗi ne tushensa ba.

Na uku, wani birkila ne da ke bin 'yan kwangila a Katsina da Abuja. A watan Janairu na 2016 gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 30, kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ragu, aka dakatar da kwangiloli, tattalin arzikin Nijeriya kuma ya ja baya da kimanin kashi 1.6 cikin ɗari a wannan shekara. Birkilan bai mance da sana'arsa ba, mutane kuma ba su daina bukatar gidaje ba. Kuɗin biya ne ya yi ƙaranci. Wannan shi ne rashin aiki na karayar tattalin arziki. Alamarsa ita ce yana faɗa wa sana'o'i da yawa a lokaci guda. Da birkilan ya daina aiko da kuɗi gida, sai matarsa ta rage cefane, mai nama ya rage yanka, tela ya rasa ɗinkin Salla, mai babur ya rasa fasinja. Da ƙasa ta fara farfaɗowa a 2017, ɗan kwangilar da ya sallame shi ne ya sake nemansa. A nan ne kashe kuɗin Gwamnati a kan hanyoyi da makarantu da biyan albashi a kan kari suke da amfani, domin su ne ke mayar da kuɗi hannun masu saye.

To, ina za a sa manomin rogo da gero wanda 'yan bindigar dajin Rugu suka raba da gonarsa, ya yi hijira zuwa cikin garin Batsari ko Katsina? Ba ya tsakanin aiki da aiki, gama ba wata gonar yake zaɓe ba. Ba kuma karayar arziki ce ta same shi ba, gama abinci bai taɓa rasa mai saye ba, hasali ma tsada yake ƙarawa. Halinsa ya fi kusa da na dattijon masaƙa: gwanintarsa tana wuri ɗaya, shi yana wani wurin. Bambancin kawai shi ne sana'arsa ba ta mutu ba, hanyar zuwa gare ta ce aka tare. Dabam ne kuma da ɗan cin rani, wanda zamansa na watannin rani ne kurum, da saukar ruwan fari ya ɗauki fartanyarsa.

Amfanin wannan rarrabewa yana fitowa ne wajen tsara magani. Tun 1986 aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, babban makaminta kuwa shi ne koyar da sana'o'i. Wannan magani ne na dattijon masaƙa, in har sana'ar da aka koya masa tana da kasuwa a inda yake zaune. Amma in aka tara birkilan 2016 a aji aka koya masa walda, an ɓata kuɗi, domin mai walda ma a zaune yake a wannan shekara. Haka nan keken ɗinki ba zai maye wa manomin Karare gurbin gonarsa ba; abin da yake bukata shi ne tsaron da zai bar shi ya yi shuka ya girbe.

Sai dai a lura, iyakokin nan ba katangu ba ne. Birkilan da ya yi shekara uku bai riƙe cokalin gini ba, ya sayar da kayan aikinsa, 'yan kwangila sun mance da shi, ya tashi daga kashi na uku ya faɗa na biyu. 'Ya'yan manomin da suka girma a gari ba su koyi noma ba, ba su kuma yi karatu ba, su ma can suka nufa. Saboda haka jami'in da aka aika ƙidayar marasa aiki a wannan yanki bai kamata ya tsaya ga yawansu ba. Ya tambayi kowane mutum abu uku: wane aiki ya bari, me ya raba shi da shi, kuma wata nawa ke nan.