Kwanan wata a jikin taya bai isa shaida ba: hotunan da ya kamata a nema kafin a tura kuɗi

Direban da ke zaune a Tungar Guru, ko wani ƙauye tsakanin Anka, Bukkuyum da Gummi, ba kasafai yake taɓa tayar da zai saya da hannunsa ba kafin ya biya. Manyan shagunan suna Gusau ko Sakkwato, masu sauƙin farashi kuma suna Kano, a irin su kasuwar Ƙofar Ruwa. Don haka ciniki ya koma WhatsApp: dila ya turo hoto, a yi ciniki, a tura kuɗi, a ɗoro kaya a motar haya. Idan kayan suka iso da matsala, kuɗin mayar da su kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura ya ɗaura su haka. Kuma duk wanda ya san hanyar Anka zuwa Gummi a 'yan shekarun nan ya san ba inda direba zai so taya ta fashe masa da yamma ba ne.

Matasa da yawa sun riga sun koyi abu ɗaya, wato duba lambobi huɗun da ke nuna lokacin da aka yi taya. Wannan ci gaba ne, amma ya zama tarko. Masu sayar da jabu su ma sun san kowa can yake kallo, kuma a duk rubutun da ke gefen taya, waɗannan lambobi huɗun su suka fi sauƙin gyarawa. Abin da ke tona asirin taya a hoto shi ne saɓani: wani rubutu ya ƙaryata wani, ko yanayin robar ya ƙaryata rubutun.

Kamfani ba ya buga rubutu a kan taya bayan an gama ta. Ɗanyar roba ake sakawa a cikin mazubin ƙarfe mai zafi, a matsa ta, kuma suna da lambobi da zanen da ke taka ƙasa duk an riga an sassaƙa su a jikin ƙarfen. Shi ya sa haruffan tayar gaske suke fitowa da kaifin baki, tsayinsu ɗaya, launinsu ɗaya da robar da ke kewaye da su. Kwanan wata kaɗai ne ke sauyawa duk mako, don haka ana sa shi a wani ɗan faranti da ake cirewa a sauya a jikin mazubin. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin lambobin a cikin wani ɗan zagaye mai kama da ƙwai, wani lokacin har da alamar kan kusa a gefe. Wasu na ganin zagayen nan su ce an yi maguɗi, alhali haka yake fitowa daga masana'anta.

A ɗauka wani direban Golf ne ke neman tayoyi huɗu, dila ya turo masa hoto ɗaya da aka ɗauka da rana tsaka. A jiki an rubuta 195/65 R15 91H, sannan layin da ya fara da DOT ya ƙare da 4123. Karatun ba wuya. Faɗin tayar milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim ɗinta inci 15. Lamba 91 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 615, harafin H kuma iyakar gudu ne, kilomita 210 a awa. Shi kuwa 4123, mako na 41 ne na shekarar 2023, wato cikin watan Oktoba. Tun daga shekarar 2000 ake amfani da lambobi huɗu. Idan uku aka gani, tayar ta girmi yawancin masu karanta wannan shafin. Idan kuma lambobi biyun farko suka wuce 53, ko shekarar ba ta zo ba tukuna, magana ta ƙare.

A wannan hoton komai ya yi daidai, kuma a nan ne yawancin masu saye ke tura kuɗi. Amma hasken rana da ya faɗo kai tsaye, ko filashar waya, yana shafe zurfi da tudu a kan baƙar roba, komai ya fito sumul. Abin da ya kamata direban ya nema shi ne dila ya shigar da tayar inuwa, ya kashe filasha, ya sa wani ya haska tocilar wata wayar daga gefe, hasken yana kwance kusan a jikin robar. Da irin wannan haske kowane harafi yana yin inuwa, kuma inuwar ce ke ba da labari. Sai a turo hoton ta Document, ko aƙalla a danna HD, domin WhatsApp yana matse hoto, idan aka zuƙo shi sai bakin haruffan ya narke, ba a iya bambance aikin mazubi da aikin hannu.

A hoto na biyu, a ce 41 ya fito da tudu da kaifi irin na sauran layin, amma 23 ya ɗan nutse, ya ɗan karkace, robar da ke kewaye da shi tana sheƙi ko tana da ƙananan layuka irin na gugar takardar yashi. Wannan alama ce ta an goge tsohuwar shekara an ɗora sabuwa. Shaida ta biyu tana kusa: tsohuwar roba tana yin ƙananan tsagu kamar gashi a gindin manyan haruffa da kusa da bakin da ke kama rim. Man da ake shafawa don taya ta yi baƙi yana rufe su ga ido, hasken gefe kuwa yana fito da su. Tayar da ke iƙirarin ba ta daɗe da fitowa ba, amma jikinta ya tsattsage, tana ƙaryata kanta.

Sauran layin DOT ma yana da amfani, ko da yake ba a cika kula shi ba. Haruffa biyun farko bayan DOT, ko uku a sababbin tayoyi, lambar masana'antar da ta yi tayar ce, kuma hukumar kiyaye haɗura ta Amurka, NHTSA, tana da rajistarsu a shafinta, ana iya bincikawa da waya. Idan lambar ta nuna wata ƙasa daban da wadda aka rubuta bayan MADE IN, ko ta nuna masana'antar da ba ta da alaƙa da sunan da ke jikin tayar, akwai tambayar da dila zai amsa. Haka nan tayar mota mai ɗauke da sunan Michelin ko Dunlop da ke cewa an yi ta a Najeriya kwanan nan: Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Legas a 2008. Sai kuma takardar da ake mannawa a kan sabuwar taya. Girma, lambar nauyi, harafin gudu da sunan zane dole su zama iri ɗaya da na jikin roba, sannan a duba shafin kamfanin a ga ko yana yin wannan zanen a wannan girman. Takarda kowa na iya bugawa. Mazubi ne ke da tsada.

Tsadar mazubin ce ma take sa jabu ta gaske, wadda aka yi ta daga tushe da sunan wani, take faɗuwa a ƙananan rubutu. Babban suna ana ƙoƙarta shi, amma gargaɗin da ke rubuce da ƙananan haruffa, da layin TREADWEAR, TRACTION da TEMPERATURE, sukan fito a dagule, wasu haruffa sun haɗe, wasu sun ɓace, wani lokacin har da kuskuren rubutu. Ana kuma ganin roba ta tsiyayo ta yi kauri a inda sassan mazubi suka haɗu, ko zanen ya goce a mahaɗar. Ɗan siririn layi a mahaɗa ba laifi ba ne, haka nan gashin nan da ke jikin sabuwar taya. Ramukan fitar iska ne na mazubi ke haifar da shi, jabu ma tana da shi, wasu kamfanonin kuma aske nasu suke yi, don haka ba ya shaidar komai. Tunda an zo kan TEMPERATURE, wanda zai bi kwalta a watan Afrilu a yammacin Zamfara da kaya maƙil, gara ya nemi A ko B, ya bar C.

Dole a yi wa dilolin kirki adalci. Taya mai arha daga China da ke ɗauke da sunanta na kanta ba jabu ba ce, arha ce kawai, kuma ta fi tsohuwar babbar suna da aka yi wa kwalliya. Rashin kalmar DOT ma ba hujja ba ce, domin alamar kasuwar Amurka ce. Wasu tayoyin harafin E ne da lamba a cikin da'ira, alamar amincewa ta tsarin Turai. Cikakken layin mai kwanan wata kuma sau da yawa gefe ɗaya yake, don haka idan ba a gan shi ba, a ce a juya tayar kafin a zargi mutum. Batun shekaru ma akwai saɓani: hukumar FRSC tana cewa taya ta ƙare bayan shekara huɗu da yin ta, shi kuwa Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba ta duk shekara bayan shekara biyar, a sauya ta idan ta kai goma. Direba dai da jami'an FRSC yake haɗuwa a hanya.

Akwai kuma lahanin da rubutu ba zai nuna ba ko kaɗan. Hukumar SON ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu a kwantena don a rage kuɗin dako da na kwastan. Irin waɗannan na iya zama sababbi, rubutunsu na gaskiya, amma wayar ƙarfen da ke bakinsu ta lanƙwashe. Don haka hoto na uku shi ne tayar a kwance, an ɗauka daga sama, a ga ko bakin ya zagaye daidai ko ya lotsa. Na huɗu cikin tayar ne da tocila, inda faci, tattarewa ko tsagewa ke ɓuya. Kuma a kowane hoto a sa dila ya ajiye 'yar takarda mai sunan mai saye da ranar, kowace taya da nata, don kada a nuna ɗaya mai kyau a aiko da huɗu daban.

Wasu diloli za su ce wannan ɓata lokaci ne. Aikin bai wuce minti goma ba, kuma wanda ke da kayan kirki ba abin da zai rasa. Sai dai ko hotunan duk sun yi kyau, abin da aka samu shi ne ba a ga laifi ba. Waya ba ta ganin haɗin roba ko wayoyin da ke ƙarƙashin zane. Idan kayan sun iso, a buɗe hotunan a gaban mai faci, a gwada layin DOT na kowace taya da na hotonta harafi bayan harafi, sannan bayan an sa iska a bi gefen da tafin hannu a ji ko akwai kumburi, tun kafin motar ta hau kwalta.