Ban buge kowa ba, me ya sa kuɗin inshorata ya ƙaru? Zare

1/
Duk lokacin sabunta inshorar mota sai ka ji kukan nan: "Shekara guda ban ko goga bamba ba, ban nemi sisi a wajensu ba, amma sun ƙara mini kuɗi. Damfara ce!" Ni dai na ce ba damfara ba ce, kuma masu ba ka shawara a kan wannan fushin su ne za su jefa ka a rami. Ku biyo ni.

2/
Tushen rikicin shi ne muna yi wa inshora kallon adashe. A adashe ka zuba, kwanarka ta zo, ka kwashe. Inshora ba haka take ba. Kuɗin da ka biya bara ba ajiya ba ne. Ka sayi kariya ta wata goma sha biyu, ka samu kariyar, ta ƙare. Kamar albashin maigadi ne: don ɓarawo bai zo ba, ba ka cewa ya dawo da kuɗinka.

3/
To ina kuɗin naka ya tafi? Ya shiga tukunya ɗaya da na dubban masu mota. Daga tukunyar ake gyara ta wanda tirela ta murƙushe a hanyar Kaduna zuwa Abuja, da ta wanda aka sace, da ta wanda ambaliya ta cinye. Farashin bana hasashe ne na abin da tukunyar za ta biya a shekara mai zuwa. Halinka kashi ɗaya ne kawai a cikin lissafin.

4/
Mu fara da ƙaramar inshora ta dole, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Wannan ba kamfani ke yanka kuɗinta ba, hukumar inshora ta ƙasa ce, wato NAICOM. Daga 1 ga Janairu 2023 ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Kowa ya shafa, mai ganganci da mai natsuwa.

5/
Abin da masu ihu ba sa faɗa: a sanarwar nan ɗin dai, iyakar diyyar dukiyar da ka lalata ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Kuɗi ya ninka uku, kariya ta ninka uku. Kana iya cewa ya yi wa talaka nauyi, wannan magana ce. Amma "sun hukunta ni alhali ban yi laifi ba" ba magana ba ce, don babu wanda ya duba fayil ɗinka ma.

6/
Yanzu ga inda kukan ya fi yawa: cikakkiyar inshora, wadda ke rufe motarka kai kanka. Lissafinta ba sihiri ba ne. Lamba biyu ce ake ninkawa: darajar motar da aka rubuta a takarda, da kason da kamfani ya ɗora a kai. In ɗaya ta motsa, kuɗinka ya motsa, ko da motar ta shekara a gareji lulluɓe da tamfol.

7/
Misali ne zan ƙirƙira don lissafi ya fito fili. Bara an rubuta darajar motarka miliyan 4, kaso 6 cikin ɗari. Ka biya naira 240,000. Bana irin motar nan a kasuwa miliyan 7 ce. Kason bai canja ba, 6 ɗin ne dai. Lissafi ya ba da 420,000. Ba a ƙara maka ko ɗigo a kaso ba, motar ce ta yi tsada.

8/
"Ai mota tsufa take yi, ya za a ce darajarta ta hau?" A ƙasar da kuɗinta ke zaune, haka ne. Amma kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Motocinmu da kayan gyaransu daga waje suke zuwa. Tsufa ya rage mata kaɗan, faɗuwar naira ta ƙara mata da yawa.

9/
Ba sai na kawo maka rahoto ba. Je wurin masu kayan gyara ka tambayi kuɗin fitilar gaba, gilashi, bamba, gwangwanin fenti, ka gwada da na shekara uku baya. Kamfanin inshora a kasuwar nan yake sayayya. Ko da yawan haɗurra bai ƙaru ba, kowane haɗari ɗaya ya fi na da tsada. Tukunya kuwa dole ta cika.

10/
"To ina ladar tuƙi da hankali?" Akwai ta. Ragi ne na wanda bai nemi diyya ba, a takarda za ka ga an rubuta NCD. Amma ka lura da kyau: ragi ne a kan sabon farashi, ba alkawari ba ne cewa farashi zai tsaya inda yake. Nan ne mutane da yawa ke rikicewa.

11/
Mu koma misalinmu. A ce an ba ka ragin kashi 10 a kan 420,000 ɗin nan. An cire 42,000, saura 378,000. Ka ga abin: an yi maka ragi na gaske, kuma duk da haka za ka biya ƙarin 138,000 a kan na bara. Ragin yana nan, tsadar ce ta fi shi ƙarfi ta haɗiye shi.

12/
Kuma ragin yana da iyaka. Sanarwar NAICOM ɗin nan ta ce kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 na darajar mota ba bayan an cire duk wani rangwame. Kashi 5 na miliyan 7 shi ne 350,000. Ko ka shekara goma ba ka taɓa karce ba, kamfanin da ke bin doka ba zai sauka ƙasa da nan ba.

13/
Wannan ya bayyana kukan waɗanda a da ake ba su kashi 3 ko ƙasa da haka saboda gasar kamfanoni. Da ƙa'idar ta zo, an ɗaga su zuwa 5. A motar miliyan 4, daga 120,000 zuwa 200,000 ke nan, ba tare da darajar ta motsa ba, ba tare da sun buge kowa ba.

14/
Yanzu ga waɗanda na rubuta zaren nan dominsu: masanan shayi masu cewa "kai dai ka ce musu su bar ta a miliyan 4 kamar bara, ka huta." Wallahi wannan shawara ta fi ƙarin kuɗin cutarwa. Mu lissafa ta.

15/
In ka bar ta a miliyan 4, kaso 6, ragi 10, za ka biya 216,000 maimakon 378,000. Ka tsira da 162,000, ka ji daɗi. Sai, Allah ya kiyaye, aka sace motar. Mafi yawan abin da za a ba ka miliyan 4 ne, don shi ka rubuta. Ka shiga kasuwa, irinta miliyan 7. Giɓin miliyan 3 daga aljihunka.

16/
Ko ba sata ba, duba takardarka ko akwai sharaɗin biya gwargwado. In akwai, ga yadda yake aiki: ka rufe huɗu cikin bakwai na darajar mota, to huɗu cikin bakwai na ɓarna za a biya. Gyaran miliyan 1.4, su ba da 800,000, kai ka cika 600,000. Ban ma sa kason farko da kai ke ɗauka a kowace diyya ba.

17/
Gudun 162,000 ya jawo asarar 600,000 ko miliyan 3. Garin neman gira an rasa ido. Kuma ranar da abin ya faru, mai shawarar nan "Allah ya mayar da alheri" kawai zai ce maka ya ci gaba da shan shayinsa.

18/
Shawara ta biyu mai guba: "je bakin ofishin lasisi, akwai mai yi maka takarda da araha." Kuɗin ƙaramar inshora a kayyade yake. Wanda ya ce zai yi maka ƙasa da haka, tambayi kanka wa zai biya ranar da ka daki motar wani. Sa lambar motarka a askniid.org. In ba ta fito ba, kada ka saki jiki da takardar, tuntuɓi kamfanin da sunansa ke kai.

19/
Kada wani ya ce na zama lauyan kamfanoni. Suna da nasu laifin, kuma babba ne: su turo maka lamba ɗaya a saƙo, "ka biya kaza kafin ranar kaza," babu bayani. Wanda ya karɓi kuɗinka shekara guda bashin bayani na kansa. Rashin bayanin nan ne ke haifar da zargin damfara, su suka jawo.

20/
Don haka kada ka biya, kada kuma ka yi zagi. Ajiye takardar bara da ta bana gefe da gefe, ka nemi amsar abu huɗu a rubuce: nawa aka sa darajar motar? Kaso nawa aka ɗora? Ragin rashin neman diyya nawa ne, an cire shi? An ƙara wata kariya da babu ita bara, kamar ta ambaliya ko tarzoma?

21/
Yadda za ka gane inda matsalar take: in darajar ce ta hau, je ka ji farashin irin motarka a wurin dillalai biyu ko uku. In an zarce kasuwa, ka sa a sauke, don biyan kuɗi a kan darajar da ta wuce gaskiya asara ce, yawanci farashin kasuwa ake dubawa ranar diyya.

22/
In kason ne ya hau sama da 5, nan akwai ciniki. Nemi farashi daga wasu kamfanoni masu lasisi, ka karɓi takardar shaidar cewa ba ka nemi diyya ba ka tafi da ita. In kuwa daraja ba ta canja ba, kaso bai canja ba, ba a ƙara komai ba, amma jimla ta hau, to yanzu kana da ƙorafi na gaske. Rubuta wa kamfanin, in sun yi shiru ka kai NAICOM.

23/
In kuma lissafin daidai ne amma aljihu ba zai ɗauka ba, akwai hanyar mutunci. Tambaya ko za a rage in ka yarda ka ɗauki kason farko mai girma, ko ka cire kariyar da ba ka buƙata. Ko ka sauka zuwa ƙaramar inshora da idonka a buɗe, ka san motarka ba ta da kariya. Wannan ya fi ka riƙe takardar da ke yi maka ƙarya.

24/
Masu cewa "ni fa in ban karɓa ba ina so wani abu ya dawo": abin da kuke nema ya fi kusa da tsarin takaful, inda ake raba rarar tukunya in ta samu bayan an biya diyya. Amma ko can, in kayan gyara suka yi tsada, gudummawa za ta hau, rara ta ragu. Tsadar bamba ba ta san sunan tsari ba.

25/
Magana ta ƙarshe: rashin neman diyya yana sa ka biya ƙasa da wanda ya nema, ba ya sa ka biya ƙasa da bara. Abu biyu ne daban. Wanda ke da takardar sabuntawa a hannu, ya ɗauko ta yanzu ya raba kuɗin da darajar motar ya ga kaso nawa ya fito. Ku faɗa mini abin da kuka samu, amma ku rufe sunanku da lambar mota.